Faɗin “Ba Zan Samu Zuwa Ba”: Ɗalibin Zango, Abokan Aiki da Malamin Jami'a

Mutanen Zango sun iya sanarwa. Idan za a ɗaura aure ko a raɗa suna a Nima, goro da alewa sun zaga gidaje tun da sauran kwanaki, an faɗa a masallaci bayan sallar asuba, mata sun fitar da yadin da za a ɗinka. Idan rasuwa aka yi a Mamobi da hantsi, kafin azahar labari ya kai Fadama da Sabon Zango da Madina. Gayyata ba ta ba mu wahala. Abin da ke yi mana nauyi a baki shi ne kishiyarta, wato mutum ya dubi wanda ke jiransa ya ce masa ba zai zo ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa wannan magana tana da kaifi, musamman idan babba za a faɗa wa. Sai mu lulluɓe ta da “in sha Allahu”, ko “bari mu gani”, mu bar mai sauraro ya tsinci ma'anar da kansa. A cikin unguwa wannan yana tafiya daidai, domin kowa ya san yadda ake auna irin waɗannan kalmomi, kuma taron suna ba ya rushewa don mutum ɗaya bai halarta ba.

A jami'a lissafin daban ne. 'Ya'yan Zango da yawa yanzu suna hawa turoturo da sassafe, su bi ta 37 da Tetteh Quarshie zuwa Legon, wasu su zarce UPSA a hanyar Madina, wasu su gangara cikin gari zuwa jami'ar fasaha ta Accra. A duk waɗannan wurare akwai wani abu da ɗalibi ba zai kauce masa ba: malami zai raba aji rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni batun bincike, ya sa ranar da za su tsaya gaban aji su gabatar. A wannan tsari mutum biyar ne ke riƙe da jinka ɗaya. Idan ɗaya ya saki ba tare da ya yi magana ba, ba a kansa kaɗai za ta faɗo ba.

Kafin a yi maganar yadda ake sanarwa, ya kamata a san abin da ke kan sikeli. Makin darasi kashi biyu ne: na jarrabawar ƙarshe, da na ayyukan da ake yi a cikin zangon karatu. Gabatarwa tana cikin kashi na biyu, kuma yawanci malami ya rubuta nauyinta a takardar tsarin darasi da yake rabawa a makon farko, takardar da ɗalibai da yawa ba sa sake dubawa. A darasin da zan ba da labarinsa, ina shekara ta uku, jarrabawa tana da maki 60, ayyukan zango 40. Daga cikin 40 ɗin, gabatarwa ta ɗauki 15: maki 10 na rukuni ne gaba ɗaya, 5 kuma na kowane mutum ne bisa yadda ya yi bayani da yadda ya amsa tambaya. Maki 5 kamar ba kome ba ne. To amma a ma'aunin da aka sani na Jami'ar Ghana, daga 70 zuwa 74 shi ne B, daga 65 zuwa 69 kuma C+. Wanda zai tashi da 72, idan ya rasa biyar ɗin nan ya koma 67, ya sauka mataki guda. Wannan asararsa ce shi kaɗai, yana iya cewa ya haƙura. Goman da ke na rukuni kuwa haƙƙin wasu ne, kuma a nan ne maganar ta daina zama ta maki ta koma ta amana.

Mu biyar ne a rukuninmu. Ni da wani saurayi daga Tamale ne Musulmi. Sauran ukun Kirista ne, Ba'ashantiya ɗaya, wani ɗan Ga daga Osu, da wani ɗan Ewe wanda muka naɗa shugaba saboda ba ya wasa da lokaci. Batunmu shi ne shara da ambaliya a Accra. Muka zaɓi babban gwatan nan da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi, wanda ruwansa ke gangarawa ya haɗu da Odaw, muka ɗaure shi da abin da ya faru a daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a Kwame Nkrumah Circle, aka rasa kimanin mutum 150. An ba kowane rukuni minti 20, sai minti 10 na tambayoyi. Muka raba minti huɗu-huɗu. Kasona shi ne na uku, kuma shi ne zuciyar aikin: hirar da na yi da mazauna bakin gwata, magidanta da masu sayar da koko da masu tura baro, duk da Hausa. Ni na yi tambayoyin, ni na fassara, ni kaɗai na san abin da wata tsohuwa take nufi da ta ce shara ba daga gidansu take fitowa ba, daga sama take zuwa. Tudun unguwa take nufi, ba sararin samaniya ba. Babu wani a rukunin da zai iya warware wannan idan aka tambaye shi.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara da rabi aka sa mana. Ranar Litinin da yamma likitoci a Korle Bu suka sanar da mu cewa a safiyar Alhamis ɗin nan za a yi wa mahaifiyata aikin da muka yi watanni muna jira. Ni ce babbar 'ya mace. Ƙannena maza za su iya ba da jini da sayen magani, amma zaman jinya a ɗakin mata, da fassara tsakaninta da ma'aikatan jinya, nawa ne. Ban ɓata lokaci wajen auna wanne ya fi wanne ba. Babu ɗan Zangon da zai auna. Abin da ya rage shi ne wa zan fara faɗa wa, da wane baki, kuma me zan riƙo a hannu idan na je faɗa.

Ɗalibai da yawa suna fara rugawa wurin malami, domin a ganinsu shi ne mai iko. A ganina wannan juya tsari ne. Tambayar farko da malami zai yi ita ce: me abokan aikinki suka ce, wa zai ɗauki kasonki? Idan babu amsa, an kai masa matsala ce tsirara, kuma an nuna masa rukunin ba ya magana da juna. Sannan babu abin da ke ɓata zumunci kamar abokan aiki su ji labarin rashin zuwanka daga bakin malami ko wakilin aji. Saboda haka rukuni ne farko, malami na biye, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce yini guda.

Ko a cikin rukunin akwai tsari. Ban fara da jefa saƙo a zauren WhatsApp ɗinmu ba, domin saƙo a zaure kamar jifa ne a kasuwa: kowa ya gani, kowa ya ɗauka wani zai amsa. Shugaba na kira a waya tun ina tsaye a harabar asibiti. Da Turanci muka yi magana, amma ga abin da na ce masa: “Shugaba, ina da magana mai nauyi, gara ka ji ta daga bakina yau. Ranar Alhamis ba zan samu zuwa gabatarwa ba. Za a yi wa mahaifiyata aiki da safen nan, ni ce mai jinya. Kasona a shirye yake, kuma kafin gobe da dare zan miƙa shi a rubuce yadda kowa zai iya ɗauka.” Ya yi shiru kaɗan, ya yi mini fatan sauƙi, sannan ya tambayi abin da na san zai tambaya: tabbas ne, ko akwai yiwuwar in zo a makare? Na ce tabbas ne.

Wannan kalma ta “tabbas” ita ce mafi tsada a cikin zancen duka, kuma ita ce al'adarmu ta fi hana mu furtawa. Zuciya tana raya wa mutum ya bar ƙofa a buɗe, ya ce zai yi ƙoƙari, wataƙila a fito da wuri ya kama mota. Mai faɗin haka yana jin ya kyauta. A gaskiya ya ɗaure abokansa ne: ba za su shirya wanda zai maye gurbinsa da gaske ba, domin suna sa ran ganinsa, kuma ba za su samu natsuwa ba, domin ba su tabbata ba. Daga Korle Bu zuwa gefen Legon da safiyar ranar aiki, duk wanda ya san cunkoson Accra ya san ba tafiyar da ake gina alkawari a kanta ba ce. “In sha Allahu” kalma ce mai girma, wurinta shi ne bayan niyyar da aka ƙulla da gaske. Abokan karatunmu da ba Musulmi ba sun daɗe da lura cewa a bakin wasunmu tana nufin “kada ku jira ni”, har suna zolayarmu da ita, kuma zolayar tana da ciwo domin akwai gaskiya a ciki.

Bayan waya sai na rubuta a zaure, gajere, da abubuwa uku kawai: ba zan zo ba da dalilin a jimla ɗaya, abin da zan miƙa da lokacin da zan miƙa shi, da roƙon mu haɗu ranar Talata bayan lacca na rabin awa. Ban cika su da ban haƙuri ba. Ban haƙuri sau ɗaya ladabi ne. Idan ya kai sau biyar ya zama wani aiki da aka ɗora wa mutane, domin dole su bar shirin gabatarwa su koma rarrashinka.

Miƙa kaso shi ne inda aka fi yin sakaci, kuma shi ne ma'aunin da abokan aiki ke gane ko uzurinka na mai mutunci ne. Tura shafukan majigi kaɗai ba miƙawa ba ne. Shafi yana ɗauke da kanun magana, maganar kanta tana cikin kan mai ita. Na zauna daren Litinin na rubuta duk abin da zan faɗa kalma da kalma. Mai magana a natse da Turanci yana furta kalma wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya, don haka minti huɗu wajen kalma 500 ne. Na rubuta 480, na karanta da agogo a hannu sau biyu, na yanke abin da ya yi yawa. Na sa alama a inda za a juya kowane shafi daga cikin huɗun da nake da su. Sannan na yi abin da ya fi wannan amfani: na rubuta tambayoyi biyar da nake zaton malami zai yi, kowace da amsarta a layi uku. Mutum nawa aka yi hira da su, ta yaya aka zaɓe su, an nemi izininsu kafin a naɗi murya, me ya sa mata suka fi yawa, da kuma zancen sharar da ke zuwa “daga sama”. Na haɗa da fassarar hirarrakin duka, na cire sunayen mutane.

Ranar Talata muka yi gardama a kan wanda zai ɗauka. Shugaba ya so a raba kasona gida huɗu, kowa ya ƙara minti ɗaya. Na ƙi, kuma har yau ina ganin ƙin ya yi daidai. Kaso idan aka yayyanka shi, babu mai shi. Da an yi tambaya sai a fara kallon-kallo. Gara mutum ɗaya ya ɗauke shi dungurungum, a rage masa wani nauyin. Ɗan Tamale ya fi dacewa, domin yana jin Hausa gwargwado kuma ya raka ni hira sau ɗaya. Nasa kason, wanda bayanin taswira ne da kowa zai iya yi, aka rage shi zuwa minti biyu, Ba'ashantiyar ta karɓi sauran. Ya karanta rubutuna a gabanmu, na gyara masa wurare biyu, muka yi masa tambayoyin nan biyar kamar mu ne malami. Ni kuma na karɓi aikin da kowa ke gudu, wato tsara rahoton da za a miƙa a rubuce bayan mako guda, tare da kuɗin buga shi. Wanda aka ɗauke wa kaya ya kamata ya nemi wani kayan ya ɗauka tun ba a roƙe shi ba, domin ko abokai sun ce ba kome, lissafi yana nan a zuci.

Sai malami. A nan ma tarbiyyar gida tana iya karkatar da mutum, ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce neman ɗan tsakani. A Zango yaro ba ya tunkarar babba da buƙata kai tsaye. Ana bi ta wurin kawu, ko limamin unguwa, ko wani dattijo. Sai ɗalibi ya aika wakilin aji ko mataimakin malami ya faɗa a madadinsa. Amma malamin jami'a yana ɗaukar wannan a matsayin raini ko ɓuya, ba ladabi ba. Wakilin aji ana sanar da shi ne don ya san abin da ake ciki, ba don ya zama bakinka ba. Ta biyu ita ce dogara da maganar baka. Ka tare malami a bakin aji, ɗalibai ashirin na jiransa, ka faɗa masa, ya gyaɗa kai. Bayan wata biyu yana zaune da takardar maki mai suna ɗari biyu ko fiye, ya ga gurbi a gaban lambarka, ba zai tuna gyaɗa kan ba. Abin da aka rubuta shi ke zama. Don haka hanyar ita ce a haɗa biyun: a rubuta imel daga adireshin makaranta, sannan a bi shi da ƙafa zuwa ofis a lokacin ganin ɗalibai.

Na aika nawa ranar Talata da azahar, bayan mun gama shiri. A kan saƙon na sa lambar darasi, lambar rukuni da ranar gabatarwa, domin malami ya gane shi ko bai buɗe ba. Ga ma'anar abin da ke ciki:

“Dakta, barka da rana. Ni ɗaliba ce a darasinka, ga sunana da lambata, ina rukuni na huɗu da zai gabatar ranar Alhamis da ƙarfe tara da rabi. Ina sanar da kai cewa ba zan samu halarta ba, domin za a yi wa mahaifiyata aiki a asibiti a safiyar, kuma ni ce mai kula da ita. Na haɗa hoton takardar asibiti. Rukuninmu zai gabatar a kan lokaci, cikakke. Na miƙa kasona a rubuce ga ɗaya daga cikinmu, kuma mun gwada tare. Game da makin da ke na kowane ɗalibi, ina roƙon ko za ka yarda in turo bayanina a bidiyo kafin ranar, ko in zo ofis a mako mai zuwa in amsa tambayoyi. Duk wanda ka zaɓa, ko wani daban, zan bi. Na gode.”

Akwai abubuwa biyu a cikin saƙon da na zaɓa da gangan. Na ce “ina sanar da kai”, ban ce “ina neman izini” ba, domin neman izinin abin da ka riga ka yanke yaudara ce ƙarama: idan ya ce a'a, me za ka yi? Abin da ke hannunsa da gaske shi ne makin, kuma a kansa ne na yi roƙo. Na biyu, ban nemi a ɗaga ranar rukunin ba. Jadawalin gabatarwa sarƙa ne. Idan aka matsar da rukuni ɗaya sai an taɓa wasu, kuma mutum huɗu da suka shirya ba su ci a ɗage musu rana saboda ni ba. Ana neman ɗagewa ne idan rukunin duka ya yarda, kuma akwai wani rukunin da ya amince a yi musaya, sai a kai wa malami maganar a gama.

Bai amsa ba ranar Talata. Shirun malami ba izini ba ne, ba kuma ƙi ba ne. Sau da yawa saƙon yana ƙarƙashin wasu hamsin. Ranar Laraba na je ofis. Ya buɗe saƙon a gabana, ya ce bidiyo ba ya karɓa, domin abin da yake aunawa shi ne yadda ɗalibi ke tsayuwa gaban tambayar da bai shirya mata ba. Amma ya ce in zo Talata mai zuwa da ƙarfe biyu. Na roƙe shi ya amsa imel ɗin ko da kalma ɗaya ce, ya yi murmushi ya rubuta. Rukuninmu ya samu 8 cikin 10. Ya yi tambaya uku a kan kasona, biyu suna cikin biyar ɗin da na rubuta. Ta ukun ɗan Tamale ya ce gaskiya mai hirar ce za ta fi sani, malamin ya ajiye mini ita. A ofis na yi minti goma a tsaye, ya ba ni 3 cikin 5, yana mai cewa ba zai daidaita wanda ya tsaya gaban mutum ɗaya da wanda ya tsaya gaban aji ba. Ban ga zalunci a ciki ba.

Nawa uzurin mai sauƙi ne ta fuska ɗaya: ya ba ni kwana uku, kuma yana da takarda. Wanda ya fi wahalar da ɗaliban Zango shi ne rasuwa, kuma dalilin yana cikin bambancin al'adu da ba kowane malami ya zauna ya yi tunaninsa ba. A wurin maƙwabtanmu Akan da Ga, gawa tana iya yin makonni ko watanni a ɗakin ajiya, a yi zaman mako guda, a buga hotuna a manna a bango, a sa ranar Asabar. Ɗalibinsu yana da lokacin sanarwa, yana da takardar gayyata da zai nuna. Mu kuwa wanda ya rasu da asuba ana iya sallatarsa bayan azahar, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Babu hoto a bango, babu kati. Ɗalibin da aka kira da ƙarfe shida na safe, gabatarwarsa tana ƙarfe tara, ba shi da damar rubuta kalma 480.

Abin da yake da shi minti biyu ne, kuma sun isa. Kira ɗaya ga shugaban rukuni, layi uku ga malami: an yi mini rasuwa yanzu, za a yi jana'iza yau bisa tsarin Musulunci, ba zan halarta ba, zan zo da bayani cikin kwana biyu. Jimlar nan ta “yau bisa tsarin Musulunci” tana da amfani, domin ita ke amsa tambayar da malamin zai yi a ransa. Na ga wani a ajinmu da ya kashe waya ya ɓace kwana huɗu. Rasuwar gaskiya ce, baƙin cikinsa gaskiya ne, amma abokansa sun tsaya gaban aji da rami a tsakiyar aikinsu, suna ta kiran layin da ba ya shiga, kuma da ya dawo ya tarar zukata sun riga sun bushe. Shaida kuma ana samunta daga baya: takardar izinin binnewa, ko takardar asibiti, ko wasiƙa daga limamin da ya yi sallar. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa rukuni mai hankali yake ajiye shafukan kowa da rubutunsa a wuri ɗaya tun kwana biyu kafin ranar, ko babu wanda ke tsammanin kome.

Akwai wani tarko na harshe a nan da ya kamata a kula da shi. A gidajenmu wan uba da ƙanen uba duk “Baba” ne, kuma sau da yawa wanda ya riƙe ka, ya biya maka kuɗin makaranta, ba shi ne ya haife ka ba. Idan ɗalibi ya fassara kai tsaye ya ce mahaifinsa ya rasu, sannan wata rana aka ji mahaifin yana raye, sai a ɗauke shi maƙaryaci alhali bai yi ƙarya ba. Idan kuma ya yi amfani da kalmar Turanci ta ɗan'uwan uba, sai maganar ta yi sauƙi a kunne fiye da yadda take a zuciya. Mafita ita ce ƙarin rabin jimla: wan mahaifina ne, shi ya rene ni. Malami ɗan Ghana, ko daga wace ƙabila yake, ya san wannan dangantaka sarai.

Amma ba kowane taro ne jana'iza ba, kuma a nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Addu'ar bakwai da ta arba'in ranarsu sananniya ce tun ranar rasuwa, kuma a Accra an saba kai irin waɗannan taruka ƙarshen mako don mutane su samu zuwa. Biki ana saninsa da watanni. Sallar Juma'a tana nan kowane mako tun kafin a buga jadawali. Wanda aka sa wa gabatarwa da ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, ranar da aka raba lokutan ya kamata ya ɗaga hannu, ba daren Alhamis ba. Ƙaramar Salla tana da ɗan rikici, domin tana bin ganin wata da sanarwar ofishin Babban Limamin ƙasa, kuma ranar da wasu ke sallar idi takan saɓa da ranar hutun gwamnati. Ko ita ɗin, kwana biyun da take iya faɗawa a kansu sanannu ne tun farkon azumi, ana iya gaya wa rukuni da malami tun lokacin. Duk ɗalibin da ya ari rigar gaggawa ya yafa wa abin da ya sani tun tuni, yana kashe kasuwar ɗan'uwansa ne da zai zo gobe da rasuwar asuba ta gaske, a gaban malamin da ya riga ya ji irin wannan labari sau uku a zango ɗaya.